Sibi mai jerin manhajoji ko mai labarin bincike: wanne mai nazarin data zai tura?

Ƙanina ya turo min sibi ɗinsa guda biyu a WhatsApp wai Yaya duba min wanne zan tura, akwai aikin mai nazarin data da aka tallata kuma jibi za a rufe. Mutum ɗaya ne, aiki ɗaya ya yi, shekara biyu da ƴan watanni a wani kamfanin dillancin kayan masarufi a Kano masu raba kaya wa shaguna, amma in ka ajiye takardun gefe da gefe sai ka rantse mutum biyu ne. Ni kuma da yake na sha zama a teburin intabiyu a wurin aikinmu, na ga irin waɗannan biyun da yawa, shi yasa na ce bari in baje muku yadda muka auna su don na san da yawa cikinku da suka gama kwas ɗin data a wannan mararrabar suke tsaye.

Na farkon shi ne wanda kowa ya saba gani. Sama akwai suna da lamba, sai wani dogon layi na kayan aiki, Excel, SQL, Power BI, Tableau, Python, R, SPSS, har da wasu ƴan taurari a gaban kowanne, wannan huɗu wancan uku. Ƙasa kuma wajen aikin da ya yi sai ya rubuta abinda aka ɗauke shi yi, wato haɗa rifot na mako-mako, gyara data, gina dashbod, taimaka wa manaja da bayanai. Na biyun kuma wani abokinsa ne ya taya shi, babu taurari, kayan aikin layi ɗaya ne kawai a ƙasa, amma ƙarƙashin aikin akwai layuka huɗu kuma kowanne yana faɗin me ya bincika, da wane kayan aiki ya bincika, sannan me aka canza a kamfanin saboda abinda ya gano. Zan kawo layukan da Hausa, kun san dai da Turanci ake rubutawa, kowa ya juya nasa.

Bari in fara da ba na farkon haƙƙinsa, don mutane na yawan zaginsa alhali yana da amfaninsa. Wanda ya fara karanta sibi ɗinka sau da yawa ba masanin data bane, jami'in ɗaukar ma'aikata ne da aka ba shi takarda aka ce nemo min masu SQL da Power BI, shi kuma idonsa waɗannan sunayen kawai yake nema, in ya gani ya ajiye ka a dama in bai gani ba ya ajiye ka a hagu. Manyan kamfanoni ma ta manhaja ake turawa, irin su Workday da Greenhouse da Lever, waɗanda ake kira ATS, kuma a ciki jami'in yana iya buga kalma ya tace masu nema. To a wannan ƙofar sibi mai jerin suna yana wucewa cikin sauƙi. Haka in aikin na ƙungiyoyin agaji ne bangaren sa ido da auna aiki, irin waɗanda ake gani a ReliefWeb, su kan rubuta ƙarara suna son wanda ya san KoboToolbox ko ODK ko DHIS2, kuma in sunan bai fito a takardarka ba babu mai zama ya yi maka duba.

Matsalarsa tana farawa ne a ƙofa ta biyu, lokacin da takardar ta iso hannun wanda zai zama shugabanka. Ni in na ga mutum ya rubuta Python da R da SPSS da Tableau duk a tare, kuma shekara biyu ya yi yana aiki, abinda ke zuwa min shi ne ya taɓa buɗe su ne a kwas, ba wai yana aiki da su ba. Na tambayi ƙanin nawa yaushe rabonka da R, ya ce tun aji uku a jami'a. Tableau fa, ya ce ya kalli bidiyo biyu. To ka ga wannan ai ramin da ka haƙa wa kanka ne, don mai intabiyu yana da ƴancin ɗaukar kowane suna a jerin ya tambaye ka a kai, kuma wallahi mafi raunin muke ɗauka. Taurarin nan kuma ba su faɗin komai, huɗu cikin biyar a Excel a ma'aunin wa? Wani da ya iya VLOOKUP zai ba kansa biyar, wani da ke rubuta Power Query kullum zai ba kansa uku don ya san abinda bai sani ba. Sannan layukan aikin nasa, haɗa rifot da gina dashbod, duk wanda ya taɓa zama a wannan kujerar zai iya rubuta su ko ya yi aiki ko ya yi barci, ba su bambanta shi da kowa ba.

Yanzu na biyun. Layinsa na farko cewa ya yi: na binciki bashin kwastomomi da SQL da Power BI, na ceto wa kamfani naira miliyan 17. Yana da kyau a ido, kuma shi ne irin abinda ake koya wa mutane, wai ka sa lamba ka sa kuɗi. Sai na kira shi na ce zauna ka ba ni labarin miliyan 17 ɗin nan daga farko, kamar ni ne mai intabiyu. Labarin ne ya sa na rubuta wannan, don a cikinsa ake ganin inda sibi na biyu yake da ƙarfi da kuma inda yake iya kayar da kai. Lambobin na ɗan jujjuya su saboda sirrin mutane amma tsarin haka yake.

Kamfanin suna ba shaguna kaya bashi, ƴan talla su kai kaya su dawo karɓar kuɗi daga baya. A farkon Maris 2023 mai kamfanin ya ce kuɗi ba sa dawowa, a duba masa. Ƙanina ya ɗebo rasitan wata 14, layi kusan 38,000, da kuma wani fayil daban na kuɗin da aka biya. Abu na farko da ya ci masa kusan mako guda ba lissafi bane, sunaye ne, don shago ɗaya ɗan talla wannan ya rubuta shi da Alhaji wancan ya rubuta Alh. wani ya sa sunan layin da shagon yake, sai da ya bi ta lambar waya ya haɗe su, sunaye 260 suka koma shaguna 212 na gaske. Sannan ya zuba fayilolin biyu a PostgreSQL a laftof ɗinsa ya haɗa rasit da biya. Karon farko ya yi INNER JOIN, sai bashin ya fito ƙarami har ya yi murna, ashe duk rasitin da ba a taɓa biyan ko sisi a kansa ba ya ɓace daga lissafin tunda ba shi da layi a fayil ɗin biya, wato mafi munin bashin shi ne ya zube. Akanta ne ya ce wannan lambar ba ta yi kama da littafina ba, sai ya koma ya gyara:

```sql
SELECT i.shop_id,
       SUM(i.amount - COALESCE(p.paid, 0)) AS owed
FROM invoices i
LEFT JOIN (SELECT invoice_id, SUM(amount) AS paid
           FROM payments GROUP BY invoice_id) p
  ON p.invoice_id = i.id
WHERE i.invoice_date < DATE '2023-02-01'
GROUP BY i.shop_id
ORDER BY owed DESC;
```

Ku lura ya tara biyan kowane rasit tukuna kafin ya haɗa, don ƴan kasuwa kaɗan-kaɗan suke biya, rasit ɗaya a biya shi sau uku, in ka haɗa kai tsaye kuɗin rasitin zai maimaitu sau uku bashin ya kumbura. Abinda ya fito shi ne bashin da ya haura kwana 30 ya kai miliyan 46, kuma shaguna 31 kacal cikin 212 ne ke riƙe da miliyan 26.7, wato kashi 58 cikin ɗari. Ya yi shafi ɗaya a Power BI ya nuna wa mai kamfani da manajan talla. A zaman nan aka yanke cewa waɗannan 31 ba za a ƙara ba su kaya bashi ba sai sun biya rabin abinda ake bin su, kuma aka sa wa kowane shago iyakar bashi, abinda da babu shi kwata-kwata, ɗan talla ne ke yanke wa da ransa. Zuwa ƙarshen Yuni bashin ya sauko miliyan 29. Daga 46 zuwa 29, ga miliyan 17 ɗinsa.

Sai na ce masa, Maris 2023 fa ka ce? Ya ce eh. Na ce ka manta me ake ciki a lokacin? Lokacin canjin kuɗi ne, Fabrairu da Maris ɗin nan mutane na kwana a layin banki, takardar naira ta yi wuya, tiransifa na maƙalewa, ƴan shago da yawa ba ƙin biya suka yi ba, kuɗin ne babu a hannu. Kotun Ƙoli ta yanke a farkon Maris cewa tsofaffin kuɗin su ci gaba da aiki, zuwa ƙarshen watan kuɗi suka fara dawowa hannun mutane, ga azumi ya kama a ƙarshen Maris ɗin, ga ƙaramar sallah a Afrilu, lokacin da kayan masarufi suka fi tafiya. Wato ko da ƙanina bai taɓa kwamfuta ba bashin nan zai sauka. Duk mai intabiyun da ya san aikinsa kuma yana Najeriya a shekarar zai yi wannan tambayar, in ka tsaya kana kame-kame shikenan layin da ka fi alfahari da shi ya zama shaidar cewa ba ka san bambancin abu ya biyo bayan abu da abu ya jawo abu ba, kuma wannan bambancin shi ne rabin aikin mai nazari.

Muka koma lambobin. Sauran shaguna 181 da ba a hana su kaya ba, bashinsu ya sauka daga miliyan 19.3 zuwa 15, kusan kashi 22. Waɗancan 31 kuma nasu ya sauka daga 26.7 zuwa 14, kusan kashi 48. Da a ce su ma kashi 22 kawai suka sauka kamar kowa, da suna wajen miliyan 20.8, to ratar da ke tsakanin 20.8 da 14, kusan miliyan 7, ita ce iyakar abinda zai iya jingina wa shawarar tasa, ita ɗin ma da taka-tsantsan, don waɗanda aka zaɓo saboda sun fi kowa muni dama su ne suka fi samun filin gyaruwa. Ya ɗan ji haushi, miliyan 17 ta koma 7, amma na ce masa wannan 7 ɗin za ka iya tsayawa a kanta awa guda ana jifanka da tambaya.

Layin da muka sake rubutawa ga shi: na haɗa rasitai 38,000 da bayanan biya na wata 14 da SQL, na gano shaguna 31 cikin 212 ne ke riƙe da kashi 58 na bashin da ya haura kwana 30, shugabanni suka dakatar da ba su bashi suka kafa iyakar bashi ga kowane shago, cikin wata uku bashinsu ya ragu da kashi 48, na sauran shaguna kashi 22. Ya fi tsawo, na sani, layi biyu zuwa uku zai ci. Amma dubi abinda ke ciki. Sunan SQL ya fito, don haka mai neman kalma ya samu. Girman datan ya fito, mai karatu ya san ba layi 50 bane kuma ba miliyoyi bane, kar ma ka yi gigin kiran 38,000 babbar data, shafin Excel ɗaya yana ɗaukar layi 1,048,576. Abinda aka gano ya fito. Abinda aka canza ya fito, kuma an faɗi wa ya canza, shugabanni ne ba shi ba. Sannan lambar sakamakon ta zo da abin kwatantawa a gefenta.

A nan ne nake ganin mutane ke rikita abu biyu. Akwai shawarar da aka canza, akwai kuma sakamakon da ya biyo baya, ba ɗaya bane. Shawarar abu ce da ta faru a rana ɗaya a ɗaki ɗaya, akwai shaidu, in an kira tsohon manajanka zai ce eh haka aka yi. Sakamakon kuwa hannu dayawa ne a ciki, ƴan tallan da suka yi ta zarya karɓar kuɗi, yanayin kasuwa, farashin dala, damina. In dole ka zaɓi ɗaya saboda wuri, ni shawarar zan sa in bar kuɗin. Layin da ya tsaya a an kafa iyakar bashi karo na farko a kamfanin ya ishe ni in kira mutum intabiyu, ya fi min wanda ya ce ya ƙara ciniki da kashi 40 ba tare da ya faɗi yadda aka yi ba, musamman a shekarun nan da tsadar kaya kaɗai kan ɗaga cinikin naira ko katon ɗaya ba a ƙara sayarwa ba.

Sauran layukansa uku ba su kai wannan nauyi ba kuma ba laifi. Ɗaya ya ce ya maida rifot ɗin mako-mako da ake haɗawa da hannu zuwa Power Query, aikin da ke cin yini ya koma minti 40. Wannan ba shawarar shugabanni bace, sauƙin aiki ne, amma gaskiya ne kuma ana iya aunawa, ya zauna. Wani kuma na dashbod ne, na tambaye shi wa ke buɗe shi, ya yi shiru ya ce gaskiya bayan wata ɗaya babu. Muka cire. Dashbod ɗin da ba wanda ke kallo ba aiki bane da za a yi tutiya da shi, kuma tambayar wa ke amfani da shi tana cikin waɗanda muka fi yi.

To ina sibi na biyu yake ba da wahala? Na farko sirri. Ba kowane kamfani bane zai so ka baza bashinsa da cinikinsa a takardar da za ta zaga ofisoshi, wataƙila har ta faɗa hannun abokin gasarsu. Shi yasa a layin ƙarshe muka cire naira gaba ɗaya muka bar kashi cikin ɗari da adadin shaguna. Sunan kwastoma ko lambarsa kuwa kar ya kuskura ya fito, ko a sibi ko a hoton dashbod da kake ɗorawa a LinkedIn ko GitHub, ga dokar kare bayanan mutane ta 2023 tana nan, kuma ko babu doka wanda zai ɗauke ka yana kallon yadda ka riƙe amanar wanda ka bari. Masu aiki a asibiti da banki ku kun fi kowa sanin wannan.

Na biyu, wani zai ce ni fa na yi binciken, na kai, aka ce an gode aka sa a durowa. Wannan yana faruwa sosai, kar ka ƙirƙiro shawarar da ba a yanke ba. Rubuta abinda ka gano da wanda ka gabatar wa, ka tsaya nan. Wani lokacin ma shawarar ita ce fasa abu, misali ana shirin buɗe sito na biyu a wata unguwa lissafinka ya nuna odar wajen ba za ta riƙe haya ba aka fasa, wannan shawara ce cikakkiya kuma mutane na mantawa da ita don ba a ga an gina komai ba. Akwai kuma ƙananan da ba ka ɗauke su a bakin komai ba, an canza ranar kai kaya, an daina sayo wani samfurin da ke kwana a sito, an gyara fom ɗin da ƴan talla ke cikewa saboda ka nuna rabin lambobin waya ba daidai suke ba. In ka zauna da tsofaffin saƙonninka na imel da WhatsApp na ofis ka bi su wata-wata za ka tsinci irin waɗannan, haka muka yi da ƙanina muka samo na fom ɗin.

Na uku yana cin lokaci. Sibi na farko cikin awa ɗaya ka gama shi ka tura wa kamfani 50 ba ka canza komai ba. Na biyu kowane layi sai ka tuno lamba ka tabbatar da ita, kuma ya kamata ka juya jerin layukan gwargwadon aikin da kake nema, in na harkar kuɗi ne layin bashi ya hau sama, in na sito da jigila ne wani ya hau.

Sai wanda bai taɓa aiki ba, ya gama digiri ko bautar ƙasa, ya yi 3MTT ko satifiket ɗin Google a Coursera. Shi ne ya fi jin cewa dole na farkon zai yi tunda ba shi da shawarar da aka canza. Ban yarda ba gaba ɗaya. Gaskiya ne jerin kayan aikinsa zai ɗan fi fitowa sama, amma tsarin na biyun yana aiki a furojet ma, sai dai a zaɓi furojet ɗin da kyau. Datan Titanic na Kaggle da na kamfanin kekunan nan da ke ƙarshen kwas ɗin Google, mun gan su har mun gaji, kowa amsa ɗaya yake kawowa kuma babu wanda zai yanke komai a kai. Gara ka je shagon kawunka ko kemis ɗin unguwa ko makarantar da ka yi bautar ƙasa, ka roƙi littafin ciniki ko na biyan kuɗin makaranta na wata shida, ka shigar da shi da hannunka, ka amsa tambaya ɗaya da mai wurin ya damu da ita, kamar wane kaya ne ke ƙarewa kafin a sake sari, wanne ne ke kwana. In ya rage sarin abu biyu saboda kai, ka samu layinka na gaske, da datti da komai, kuma labarin gyaran dattin shi muke son ji. In hakan bai samu ba, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da farashin kayan abinci, ka ɗauka ka yi tambaya mai ma'ana, sannan ka rubuta shawarar da ka bayar a matsayin shawara, kar ka ce an ɗauka.

To wanne za a tura? Abinda na ce wa ƙanina, gangar jikin ta zama ta biyu, a aro abu ɗaya daga na farko. Wato layukan bincike su ne tsakiyar takardar, sannan a yi ɗan sashe na kayan aiki layi biyu, ba taurari, kuma doka ɗaya ce, duk sunan da ke cikin sashen nan sai ya sake fitowa a wani layin aiki ko furojet. Da muka bi wannan dokar jerinsa ya koma Excel da Power Query da SQL da Power BI, Python ya tsira da ƙyar saboda akwai wani ɗan aiki da ya yi da pandas, R da SPSS da Tableau suka tafi. In tallar aikin ta rubuta sunan abu ta wata siga, ka rubuta shi yadda suka rubuta, in sun ce PostgreSQL kuma shi ka yi amfani da shi kar ka tsaya a SQL kawai.

Inda zan ce a karkata zuwa na farkon sosai wuri biyu ne. Aikin gwamnati da ake cike fom a shafi, inda takardun makaranta da shekarun aiki ne ke magana, can dogon labari ba shi da gurbi. Sai aikin kwangila na ɗan lokaci da aka ce muna neman wanda zai gina mana abu kaza a Power BI cikin wata biyu, su hannu suke nema, to kayan aikin su hau sama tare da mahaɗin da za a ga aikinka. In ba waɗannan ba, musamman kamfanonin fasaha da bankuna da aikin nesa na ƙasashen waje, na biyun ne. Masu neman na waje kuma ku cire hoto da ranar haihuwa da jihar asali da addini, a Amurka da Birtaniya ba a sa su, wurin da suka cinye ya ishi layin bincike guda.

Tsawo kuma, mai shekara biyu zuwa biyar shafi ɗaya ya ishe shi in ya matse, biyu shi ne iyaka. Layi uku zuwa biyar a aikin da ka fi daɗewa, ɗaya ko biyu a tsofaffi. Ka guji zanen nan mai ginshiƙi biyu da akwatuna da ake ɗaukowa a Canva, wasu manhajojin suna karanta shi a hargitse. Gwajin mai sauƙi ne, buɗe PDF ɗin ka kwafe komai ka liƙa a Notepad, in ya fito a jere yadda mutum zai karanta to lafiya, in sunan kamfani ya shige cikin lambar waya ko ya ƙi kwafuwa gaba ɗaya saboda hoto ne, koma Word ka yi shi ginshiƙi ɗaya. Na farkon ƙanina da muka gwada, taurarin duk ƴan akwatuna suka koma.

Daren da zai tura na sa shi ya karanta min kowane layi a waya, ina tsayar da shi da tambaya uku, daga ina datan ya fito, me ya ba ka wahala a ciki, wa ya yanke shawarar kuma me ya ce. Layin bashi ya yi minti goma yana magana har da labarin INNER JOIN da akanta, na ce wannan labarin kar ka ɓoye shi a intabiyu, kuskuren da ka kama ka gyara ya fi nuna ka taɓa datan gaske. Layin Python kuma minti ɗaya bai cika ba ya fara in-ina, na ce ko ka buɗe fayil ɗin yau da dare ka tuno me ka yi, ko ka goge shi kafin ka danna tura. Ya ce Yaya bari in buɗe, wajen ƙarfe ɗaya na dare ya turo min saƙo wai ya goge.